Yadda wani dillalin taki a Katsina ya daina samun ciniki ninki biyu a rumbun bayanansa

Asalin tsarin, daga Janairu zuwa Mayu

Kamfanin da wannan nazari ya shafa yana sayar da taki da iri da maganin feshi, babban ofishinsa yana cikin birnin Katsina, kuma yana da shaguna huɗu: na Katsina, na Daura, na Mashi da na Dutsin-Ma. Kowane shago yana da kwamfuta guda da ake rubuta ciniki a kanta a fitar da rasit. Bayan an tashi daga kasuwa, kwamfutar kowane shago takan fitar da fayil ɗin cinikin ranar mai tsarin CSV, ta tura shi ofis ta intanet. Da ƙarfe sha ɗaya na dare wata ƙaramar manhaja da aka rubuta da Python, wadda `cron`, manhajar da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka sa mata, ke tayarwa a kan kwamfutar ofis, takan haɗa fayilolin huɗu ta loda su cikin tebur mai suna `sayarwa` a rumbun bayanai na PostgreSQL 14. Rumbun ba a ofis yake ba, yana kan sabar da kamfanin ke haya, saboda haka duk abin da manhajar za ta rubuta sai ya bi ta layin intanet ɗin ofis.

Akwai wasu abubuwa game da wannan manhaja da ya kamata a riƙe tun yanzu. Tana aika layukan ne kashi-kashi, layi 500 a kowane kashi, kuma tana ba da umarnin `COMMIT` bayan kowane kashi, wato abin da ya shiga ya zauna ke nan ko da aikin ya tsaya daga baya. Mabuɗin teburin kuwa, wato abin da rumbun ke bambance layi da layi da shi, ginshiƙi ne mai suna `id`, lamba ce da rumbun ke bayarwa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ga duk layin da ya shigo. Sannan fayilolin shagunan suna ɗauke da lambar rasit da lambar jerin kaya a kan rasit ɗin, amma manhajar ba ta ɗaukar waɗannan ginshiƙai biyu, domin rahoton da mai kamfanin ke dubawa da safe jimilla kawai yake nunawa. Abin da ke shiga teburin shi ne shago, rana, kaya, adadi da kuɗi.

Da rani ciniki ba ya wuce layi 300 zuwa 400 a rana, kashi ɗaya ya ishe shi, aikin yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wata biyar tsarin yana tafiya ba a ga wata matsala ba.

Daren 4 ga Yuni

Da damina ta kama, manoma suka yi ca a kan taki. A ranar 4 ga Yuni fayilolin sun ƙunshi layi 2,140: Katsina 820, Daura 610, Mashi 390, Dutsin-Ma 320, kuma a wannan jeri manhajar ke haɗa su. Hadari ya taso da iska a daren, wuta ta ɗauke, batirin inbatar ofis wanda ya riga ya yi rauni bai riƙe kwamfutar ba. Ta mutu bayan kashi na uku ya tabbata, ana cikin aika na huɗu. Rumbun ya watsar da kashi na huɗun da bai kai ga `COMMIT` ba, kamar yadda aka tsara shi ya yi, ya bar layi 1,500 a zaune.

Da safe ma'aikacin da ke kula da bayanan ya ga aikin bai kammala ba, sai ya sake tayar da manhajar da hannu. Ta aika dukkan layi 2,140 daga farko, rumbun ya ba kowanne sabuwar lambar `id`, bai ƙi ko ɗaya ba, domin a wurinsa ba su yi karo da komai ba. Cinikin ranar ya zama layi 3,640.

Abin da ya sa aka daɗe ba a gano bakin zaren ba shi ne kuskuren bai bazu daidai a kan shagunan ba. Layi 1,500 na farko sun cinye na Katsina gaba ɗaya da na Daura gaba ɗaya, wato 1,430, sannan suka taɓa layi 70 na farko a fayil ɗin Mashi. Saboda haka cinikin Katsina da na Daura ya ninka, na Mashi ya ɗan ɗara kaɗan, na Dutsin-Ma kuwa ya fito cif. Akantan kamfanin da ya ga Dutsin-Ma daidai sai ya cire kwamfutar ofis daga zargi, ya mayar da hankali kan shagunan. A Daura an wayi gari da buhun yuriya 1,900 a sito, an sayar da 312, ya kamata a ce saura 1,588. Rahoton ya nuna an sayar da 624, saura 1,276, amma kuɗin da aka kai banki na buhu 312 ne. Aka kira mai kula da siton Daura, dattijo ne da ya shekara fiye da goma tare da mai kamfanin, aka tambaye shi ina kuɗin sauran. Amsar da ya bayar, kamar yadda aka faɗa mini, ita ce: "Ranka ya daɗe, a turo mutum ya ƙirga buhunan a gabana, in ya samu ƙasa da abin da na rubuta, na yarda." Aka tura yaro a mota washegari, ya ƙirga layi-layi, ya samu 1,588 ban da cinikin ranar da ya je. A nan ne aka koma kan teburin.

Gyara na farko: gogewa da hannu, 6 zuwa 9 ga Yuni

Ma'aikacin ya rubuta umarni da ke tara layukan ranar 4 ga wata waɗanda shagonsu da kayansu da adadinsu da kuɗinsu suka zo ɗaya, ya bar mai ƙaramar lambar `id` a kowane rukuni, ya goge sauran. Umarnin ya goge layi 1,563, aka rage da 2,077. Bai lura da cewa abin da ya kamata a goge 1,500 ne ba, sai bayan kwana uku da akanta ya ga cinikin ranar ya koma ƙasa da kuɗin banki.

Layi 63 ɗin da suka ɓace ciniki ne na gaskiya. A ranar kasuwa abu ne da aka saba gani manomi ya sayi buhu biyu na yuriya, na bayansa a layi ma ya sayi buhu biyu a kan farashi ɗaya. A cikin teburin da babu lambar rasit, waɗannan mutane biyu ba su da wani bambanci da ciniki ɗaya da aka loda sau biyu. An dawo da ranar ta hanyar goge ta gaba ɗaya da sake loda fayilolinta sau ɗaya, ana tsaye a kan kwamfutar har ta gama.

Gyara na biyu: a duba kafin a saka, 10 zuwa 24 ga Yuni

Daga nan ma'aikacin ya sauya manhajar. Ya ƙara ginshiƙin lokacin ciniki har zuwa daƙiƙa, sannan ya sa manhajar ta fara tambayar rumbun da `SELECT` waɗanne layuka ne suke ciki, ta ware waɗanda babu su, ta aika su da `INSERT`. Ya kuma ƙara mata dokar cewa idan layin intanet ya katse ana cikin aika wani kashi, ta jira minti ɗaya ta sake aika shi. Mako guda wannan ya yi aiki, har da wani dare da wuta ta sake ɗaukewa.

A daren 18 ga Yuni fayil ɗin Mashi ya makara saboda matsalar sabis. Ma'aikacin yana gida, ya shiga kwamfutar ofis daga nesa ya tayar da manhajar 'yan daƙiƙoƙi kafin sha ɗaya, bai tuna cewa `cron` zai tayar da tasa ba. Ayyukan biyu suka tashi kusan tare. Kowanne ya tambayi rumbun ko layukan suna ciki, kowanne ya samu amsar babu, domin a PostgreSQL wani aiki ba ya ganin layin da wani aikin ya rubuta har sai an yi masa `COMMIT`. Duka biyun suka saka. Tsakanin tambaya da sakawa akwai ɗan lokaci, kuma duk abin da ya faru a cikin wannan ɗan lokaci tambayar ba ta san da shi ba.

Na ranar 22 ga Yuni ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne ya sa aka neme ni. Aiki ɗaya ne kawai ya gudana a daren, bai mutu ba, ya ma rubuta cewa ya kammala lafiya, amma layi 500 cif suka fito sau biyu. Da muka bi bayanan da manhajar ke ajiyewa game da tafiyarta, muka ga layin intanet ya katse a ƙarshen kashi na biyu. Umarnin `COMMIT` ya isa sabar, rumbun ya tabbatar da kashin, amma amsarsa ba ta dawo ofis ba. Manhajar ba ta da hanyar bambance tsakanin saƙon da bai isa ba da saƙon da ya isa amma amsarsa ta ɓace a hanya, domin abin da take gani a duka biyun shiru ne. Ta bi dokar da aka ba ta, ta sake aika kashin, kuma ba ta sake tambaya ba tunda ta riga ta ware layukan tun farkon aiki.

Neman mabuɗi, 25 ga Yuni zuwa 2 ga Yuli

Shawarar da muka yanke da ma'aikacin ita ce a daina ƙoƙarin hana maimaici, a mayar da aikin ya zama irin wanda ko sau nawa aka yi shi sakamakonsa ɗaya ne da na yi ɗaya. A takardun masu wannan sana'a za a ga kalmar `idempotent` a kan irin wannan aiki. Umarnin da ke saka layi idan babu shi, ya gyara shi idan yana nan, shi kuma `upsert` suke ce masa. PostgreSQL ta samu wannan umarni a sigar 9.5 da ta fito a 2016, da sunan `INSERT ... ON CONFLICT`. SQLite ta ɗauki irin wannan tsari a sigar 3.24.0 a 2018, MySQL kuwa tana da nata `ON DUPLICATE KEY UPDATE`.

Sai dai umarnin ba ya aiki sai an gaya wa rumbun abin da ke sa layi biyu su zama abu guda, kuma a nan ne mafi yawan lokacinmu ya tafi. Dole mabuɗin ya fito daga shagon da aka yi cinikin, ya kasance bai canzawa komai yawan lodi. Lambar `id` ba ta cika wannan sharaɗi ba tunda sabuwa ake bayarwa kullum. Lambar rasit ita kaɗai ma ba ta isa ba, saboda kowane shago daga 1 ya fara ƙirgen rasit ɗinsa, rasit mai lamba 1047 yana Daura yana kuma Mashi, sannan rasit ɗaya kan ɗauki kaya uku ko huɗu. Da an ɗora mabuɗi a kan lambar rasit kaɗai, da rumbun ya riƙa ɗaukar cinikin Mashi a matsayin maimaicin na Daura, asarar da ta fi ninki haɗari domin babu wanda zai ga abin da bai shiga ba. Muka tsaya a kan haɗin abu uku: shago, lambar rasit, da jerin kayan a kan rasit ɗin.

Da yake tsohon teburin bai ajiye waɗannan lambobi ba, ba a iya gyara shi a inda yake ba. Abin da ya taimaka shi ne ma'aikacin bai taɓa goge fayil ko ɗaya ba tun Janairu. Muka gina sabon tebur a wani rumbun gwaji, muka ɗora masa wannan ƙa'ida:

```sql
ALTER TABLE sayarwa
  ADD CONSTRAINT sayarwa_mabudi
  UNIQUE (shago, rasit, jeri);
```

Gwajin farko shi ne loda fayilolin 4 ga Yuni sau biyu a jere. Bayan lodi na farko layukan 2,140 ne, bayan na biyu suka zama 2,258. Layi 118 sun tsallake ƙa'idar, kuma dukkansu na Mashi ne. Kwamfutar Mashi tana amfani da tsohuwar sigar manhajar ciniki, wadda ke barin gurbin jeri fayau idan kaya ɗaya ne kawai a kan rasit. Gurbin da babu komai yakan shiga rumbun a matsayin `NULL`, kuma a ƙa'idar `UNIQUE` ta PostgreSQL ba a ɗaukar `NULL` biyu a matsayin abu ɗaya, saboda haka layukan ba su taɓa yin karo ba. Sigar 15 da ta fito a 2022 ta kawo zaɓin `NULLS NOT DISTINCT` da ke sauya wannan hali, amma kamfanin yana kan 14. Muka sa manhajar lodi ta riƙa rubuta 1 a duk inda gurbin yake fayau, muka kuma ɗora `NOT NULL` a kan ginshiƙan mabuɗin uku, ta yadda idan wani fayil ya sake zuwa da gurbi fayau aikin zai tsaya ya yi ƙara.

Rubuta umarnin, 3 zuwa 8 ga Yuli

Da farko ma'aikacin ya so a yi amfani da `DO NOTHING`, wato idan layin yana nan a bar shi. Wannan ya isa ya hana ninki, amma shagunan suna gyara rasit bayan an fitar da shi. Mutum kan biya kuɗin buhu goma, a wurin lodi ya ce takwas zai ɗauka, a mayar masa da kuɗin biyu, a gyara layin a kwamfutar shago, layin ya sake fitowa a fayil na gaba da sabon adadi. `DO NOTHING` zai watsar da gyaran ya bar goma. Saboda haka muka koma `DO UPDATE`.

Gwajin farko da shi ya tsaya da wannan saƙo:

```
ERROR: ON CONFLICT DO UPDATE command cannot affect row a second time
```

Dalili shi ne idan an yi ciniki an kuma gyara shi a rana ɗaya, fayil ɗin yakan ɗauko layin sau biyu, na asali da gyararre, kuma PostgreSQL ba ta yarda umarni ɗaya ya taɓa layi ɗaya sau biyu ba, domin ba ta da hujjar zaɓar wanda zai rinjaya. Zaɓin ya rage ga mai rubuta umarnin. Kowane layi a fayilolin yana da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, muka sa masa suna `gyara`. Muka tsara a fara sauke fayilolin cikin tebur na wucin gadi mai suna `sauke`, wanda ake sharewa a farkon kowane aiki, sannan daga shi a zaɓi layi mafi sabunta ga kowane mabuɗi:

```sql
INSERT INTO sayarwa (shago, rasit, jeri, kaya, adadi, kudi, gyara)
SELECT DISTINCT ON (shago, rasit, jeri)
       shago, rasit, jeri, kaya, adadi, kudi, gyara
FROM sauke
ORDER BY shago, rasit, jeri, gyara DESC
ON CONFLICT (shago, rasit, jeri) DO UPDATE
SET kaya = EXCLUDED.kaya, adadi = EXCLUDED.adadi,
    kudi = EXCLUDED.kudi, gyara = EXCLUDED.gyara
WHERE EXCLUDED.gyara > sayarwa.gyara;
```

Kalmar `EXCLUDED` tana nufin layin da ya zo zai shiga ya tarar da wani a wurinsa. Layi na ƙarshe na umarnin shi ne wanda na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Ba don shi ba, idan aka sake loda fayil ɗin Litinin bayan na Talata ya shiga, cinikin da aka rage zuwa buhu takwas ranar Talata zai koma goma, babu ninki a teburin amma adadin ƙarya ne. Da sharaɗin, tsohon layi ba ya iya danne sabo, kuma jerin da aka bi wajen loda fayiloli ya daina tasiri. Yana da wani amfani kuma: PostgreSQL takan rubuta sabon kwafin layi duk lokacin da aka yi masa `UPDATE` ko da babu abin da ya canza, saboda haka maimaici marar wannan sharaɗi yakan kumbura teburin a banza.

Matsalar daren 18 ga Yuni ita ma ta warware a nan, domin yanzu rumbun ne ke yin dubawa da sakawa a matsayin aiki guda. Idan ayyuka biyu suka kawo mabuɗi ɗaya a lokaci guda, na biyun yakan jira na farkon ya tabbata, sannan ya bi hanyar gyara, ya tarar lokacin `gyara` ɗaya ne, ya wuce bai taɓa komai ba. Matsalar 22 ga Yuni ma haka: idan amsa ta ɓace, manhajar ta sake aikawa kawai, ba ta buƙatar sanin ko na farkon ya shiga.

Mun gwada ta hanyoyin da suka kwaikwayi abin da ya faru. Muka loda fayilolin 4 ga Yuni, `psql`, wato manhajar da ake aika wa PostgreSQL umarni da ita, ya amsa da `INSERT 0 2140`, ma'ana layi 2,140 sun shiga, muka maimaita ya amsa da `INSERT 0 0`, ma'ana ba a taɓa ko layi ɗaya ba. Muka kashe manhajar da `kill -9` tana tsakiyar aiki muka sake tayar da ita, muka zare wayar intanet daga bayan kwamfutar, muka tayar da ayyuka biyu tare, muka loda fayilolin mako guda daga ƙarshe zuwa farko. Bayan kowane gwaji muna kwatanta adadin layuka da jimillar buhuna da jimillar kuɗi na kowane shago da abin da lodi ɗaya mai tsafta ya bayar. A ranar 8 ga Yuli aka loda dukkan fayilolin tun daga Janairu cikin sabon teburin, aka mayar da rahoton safe kansa.

Abin da ya rage a ɓoye, 16 ga Yuli

A daren 15 ga Yuli aikin ya sake katsewa, aka maimaita shi da safe. Teburin `sayarwa` ya fito daidai, layi bai ƙaru ba, amma rahoton sito ya nuna Katsina ta yi ƙasa da buhu 140 na NPK. Akwai wani mataki a manhajar da ba mu taɓa ba, kuma gwaje-gwajenmu ba su duba shi ba: bayan kowane kashi takan je tebur mai suna `ragowa` ta rage adadin da aka sayar daga abin da ke sito, da umarni irin `SET buhu = buhu - 140`. Irin wannan umarni yana ɗora sakamakonsa a kan abin da ya tarar, saboda haka yi biyu ragi biyu ne. Ko an saka shi a cikin `ON CONFLICT DO UPDATE` halinsa ba ya canzawa.

Gyaran shi ne a daina ragewa, a riƙa lissafawa daga tushe. A ƙarshen kowane aiki manhajar tana tara duk abin da ya shigo sito, ta cire jimillar abin da ke cikin `sayarwa`, ta rubuta amsar a kan tsohuwar lamba. An kuma ba teburin shigowar kaya irin mabuɗin da aka ba na ciniki, daga lambar takardar da direba ke kawowa tare da kaya. Lissafin kaya kusan 90 a shaguna huɗu bai ɗaukar fiye da daƙiƙa biyu. Muka ƙara `ragowa` cikin abubuwan da ake kwatantawa a gwaji, muka maimaita gwaje-gwajen gaba ɗaya.

A wannan mako kuma aka rufe wata ƙofa. `upsert` ba ya goge komai, saboda haka rasit ɗin da aka soke a shago zai ci gaba da zama a rumbun idan kawai ya daina fitowa a fayil. Aka daidaita da shagunan cewa rasit ɗin da aka soke ya riƙa fitowa da adadi sifili da kuɗi sifili da sabon lokacin `gyara`, ya shiga kamar kowane gyara.

Sakamako, zuwa ƙarshen Agusta

Daga 17 ga Yuli zuwa 31 ga Agusta aikin dare ya katse sau bakwai, huɗu saboda wuta, uku saboda intanet. Duk an maimaita su, wasu manhajar ce ta maimaita da kanta, wasu da hannu. Ba a samu layi ko ɗaya da ya ninka ba, kuma ƙirgen buhuna da aka yi a shagunan huɗu a ƙarshen Agusta ya dace da rahoto in ban da buhu uku da suka yage a Dutsin-Ma. Ma'aikacin ya lura lambobin `id` sun fara tsallake, daga wata lamba a yi tsalle na dubu biyu, ya ɗauka layuka ne suka ɓace. Ba haka ba ne. Rumbun yakan ciro sabuwar lamba ga kowane layi kafin ya san ko zai yi karo, kuma lambar da aka ciro ba ta komawa. Tsallen shaidar maimaici ne kawai, kuma ginshiƙin `bigint` ne, ba zai ƙare nan kusa ba.

Yadda nake kallon lamarin

A ganina tushen matsalar yana wurin da aka yanke shawarar barin lambar rasit a waje tun watan Janairu. Wuta da intanet sun bayyana ta ne kawai, kuma babu batirin da za a saya da zai hana amsar `COMMIT` ɓacewa a hanya. Ba na ɗora laifi a kan ma'aikacin. Gyaransa na biyu shi ne abin da kusan kowa ke fara tunani, kuma ajiye fayilolin da ya yi shi ne ya ba mu damar sake gina teburin, wanda ba don haka ba da watanni shida na ciniki sun zauna cikin shakka. Kuskuren 16 ga Yuli kuwa nawa ne: na gwada tebur ɗaya alhali manhajar tana rubutu a biyu, kuma ya kamata tun farko in bi ta layi-layi in fitar da duk inda take taɓa rumbun. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon Daura, wanda aka nemi ya kare amanarsa a kan lambar da shi bai rubuta ba, kuma na ji daɗi da mai kamfanin ya je har Daura ya ba shi haƙuri.

Akwai wurare biyu da tsarin zai iya karyewa har yanzu, kuma na rubuta wa kamfanin su. Sharaɗin `gyara` ya dogara ne da agogon kwamfutar shago. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ya mutu, kwamfutar ta tashi da tsohuwar shekara, duk gyaran da aka yi a ranar zai zama kamar tsoho a idon rumbun, a watsar da shi ba tare da wani saƙo ba. Maganin da ya fi shi ne lambar gyara da ke ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka taɓa layi, amma wannan sai an sauya manhajar shagunan. Kafin nan mun sa manhajar lodi ta ƙi karɓar fayil ɗin da sabon lokacin da ke cikinsa ya gaza na fayil ɗin jiya. Na biyun shi ne ranar da za a sake ɗora manhajar ciniki a wani shago, ƙirgen rasit ya koma 1, sababbin rasit su hau kan tsofaffi a matsayin gyara. An shirya sauya kwamfutar Mashi bayan kaka, kuma an amince cewa sabuwar za ta ci gaba daga lambar da tsohuwar ta tsaya, in hakan bai yiwu ba a ba ta sabuwar lambar shago kafin ta tura fayil ɗinta na farko.